Talata: sakin layi ɗaya ya cinye min wuni

Yau tun bayan sallar asuba nake kan kwamfuta saboda tallan aikin nan na Maiduguri da za a rufe ƙarfe goma sha biyun dare. Wata ƙungiya ce mai aikin lafiya, suna neman MEAL Officer, wato mai bin diddigin aiki da tattara bayanai da haɗa rahoto, abin da dai nake yi a nan Kano tun bayan bautar ƙasa. Na ɗauka minti talatin zai ishe ni don CV ɗina a shirye yake, ashe ɗan sakin layin nan na sama, wanda mutum ke faɗin ko shi waye a taƙaice, shi zai zaunar da ni har la'asar.

Laifina ne kuma. Watan jiya na zauna na rubuta wani dogon bayani a LinkedIn, wajen About, ya yi min daɗi sosai har ina ta komawa ina karantawa, to da na zo gyara CV sai kawai na kwafo shi na liƙa a sama na ce ai ni ɗin ce dai, me zai canza. Na tura wa Anti, ƙanwar Umma da ta daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata, da ƙarfe takwas. Ko minti goma ba a yi ba ta kira.

"Ke yanzu wannan tarihin ne kika ɗora min a kan CV?"

Na ce Anti ai gaskiya na faɗa duka. Ta ce ba ta ce ƙarya ba ne, amma ranar da suke tantancewa takardu ne jibge a gabanta, kuma da tallan aikin a gefe tana dubawa tana sa alama: shekaru sun kai? ta iya kayan aikin da muka ce? ta taɓa aiki da asibitoci? Ta ce idan sai ta kai layi na tara kafin ta ga amsar tambaya ta farko, to ta riga ta wuce na gaba. Labarin yadda na fara son lissafi tun ina sakandare kuwa ta ce in ajiye shi sai ranar intabiyu, in an tambaya.

Haushi na ji wlh, amma da na sake dubawa gaskiya ta faɗa. Layi goma sha ɗaya ne, kuma kalmar KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya, da suka ambata har sau biyu a tallan ba ta fito ba sam, ni da nake amfani da ita kullum, na rubuta wai "na ƙware wajen tattara bayanai ta waya".

Sai na ɗauko takarda da biro na yi abin da ta ce. Na karanta tallan a hankali na ja layi ƙarƙashin duk abin da suka ce dole ne, na bar waɗanda suka ce in akwai ya fi. Na dole guda huɗu ne: aƙalla shekara uku a irin aikin, KoboToolbox ko makamanciyarta ODK, manhajar bayanan asibitoci ta DHIS2, da kuma iya horar da masu tattara bayanai a fili. Hausa ma sun ce dole, Kanuri kuma ƙarin tagomashi. Sai a ɗaya gefen takardar na rubuta hujjata a gaban kowanne, ba sifa ba, abin da aka yi da hannu. Shekara biyar. Fom-fom na Kobo da na gina da kaina. Asibitoci 38 da nake duba bayanansu duk wata a DHIS2. Mutum 60 da na horar bara a zango uku. Daga nan sakin layin ya rubuta kansa kusan. Da Turanci ne ba shakka, amma ma'anarsa ke nan:

Jami'ar bin diddigi da tantance aiki mai shekara biyar a shirye-shiryen lafiya matakin farko a Kano da Jigawa. Gina fom a KoboToolbox, duba ingancin bayanan asibitoci 38 a DHIS2 duk wata, horar da masu tattara bayanai 60. Hausa da Turanci.

Layi uku da rabi a shafi. Babu "ni", babu "ina da sha'awar", babu "mai ƙwazo da haƙuri" da kowa ke sawa. Sunan muƙamin ma na rubuta shi daidai yadda suka rubuta, MEAL, duk da a ofishinmu M&E muke cewa, saboda Anti ta ce manyan ƙungiyoyi da yawa ta manhaja ake shigar da takardun, mai tantancewa ya buga kalma ya nemo, in kalmarka ba irin tasa ba ce sai ka ɓace a cikin taro. Amma ta ja kunnena, kar in canza muƙamin da ke cikin jerin wuraren da na yi aiki, wannan ya tsaya yadda yake a takardar ɗauka ta, don in sun kira ofis tabbatarwa abin da za a faɗa musu ke nan.

Abin da ya fi min ciwo cirewa Power BI ne, manhajar haɗa dashbod mai nuna bayanai a zane. Wata shida na yi ina koyonsa da dare da datana, kuma shi nake alfahari da shi yanzu, amma tallan bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Na sauko da shi ƙasa wajen jerin ƙwarewa. Yana nan, bai dai samu kujerar gaba ba.

NEPA suka ɗauke wajen sha ɗaya, na koma waya, kuma tun da ina kan waya sai na buɗe LinkedIn na ce bari in yi akasin abin da na yi da safe, in kwafi sabon gajeren nan in sa a can tunda ya fi tsafta. Na sa, na duba yadda yake fitowa, sai na ga kamar katin shaida. A bushe ƙayau. Kuma sai na tuna su waye ma suke shiga shafin nan: abokan karatu na BUK, wata mata da muka haɗu a taron bita a Abuja, masu neman wanda zai yi musu ɗan aikin bincike na sati biyu, da ogana shi kansa, wanda jiya ma na ga ya leƙa. Babu wanda ya zo da tallan aiki a hannu yana sa alama. Wanda ya shigo yana so ne ya gane me nake yi da kuma ko akwai dalilin da zai min magana. In na ɗaure shafin da MEAL da lafiya kawai saboda aiki ɗaya na Maiduguri, mai neman wanda zai haɗa masa dashbod na makarantu zai wuce ni, kuma irin wannan ɗan aikin gefe shi ya biya min kuɗin haya bara.

To sai na gane tsohon dogon bayanin ma ba a banza yake ba, wurinsa ne can, gyara kawai yake so. About yana ɗaukar haruffa har 2,600, amma layi biyu zuwa uku na farko kawai ake gani kafin mutum ya danna see more, a waya ma ya fi gajarta, kuma ni na ɓata waɗannan layukan da gaisuwa da sunan makarantata. Na juya shi. Yanzu ya fara da cewa aikina shi ne in tabbatar lambar da aka rubuta a rajistar asibitin ƙauye ita ce ta iso rahoton wata ba tare da ta canza a hanya ba, kuma shekara biyar ke nan ina yi a Kano da Jigawa. Da "ni" na rubuta, kamar ina magana. Bayan nan sai ɗan labarin ranar da na gano wani asibiti yana da allurar rigakafi fiye da yawan yaran da aka yi wa rajista, ashe shafi biyu ake haɗawa wajen kwafa, ban faɗi sunan wurin ba. Sai Power BI ya samu sakin layinsa guda, sai na rufe da abin da nake so a tuntuɓe ni a kai: horarwa, gina fom, dashbod. Headline kuma, mai haruffa 220, wanda ke bin sunan mutum duk inda ya yi sharhi, na sa M&E da MEAL duka biyun da Kobo da DHIS2 da Power BI, don nan kam ban san da wace kalma za a neme ni ba.

Akwai abin da na sa a CV na hana shafin. Adadin asibitocin nan da sunan wanda ke ba shirinmu kuɗi, CV mutum uku ko huɗu ne za su gani a ɗaki, shafi kuwa duniya ce, kuma mun sa hannu a takardar sirri ranar da aka ɗauke mu. Na ce "asibitoci da dama" a can na huta. Haka maganar neman aiki, ban rubuta ko kalma ɗaya ba. Open to Work, alamar neman aiki ta LinkedIn, na sa shi a Recruiters only, wato masu ɗaukar ma'aikata kaɗai su gani, ban sa koren zoben nan a hoto ba, duk da su da kansu sun ce ba su ba da tabbacin na wajen aikinka ba za su gani ba, don haka dai zuciyata ba ta kwanta duka ba. Na kuma tabbatar Notify network, mai sanar da mutanenka in ka canza wani abu, a kashe yake kafin in taɓa wajen ayyuka, kar a wayi gari ana min murnar sabon matsayi.

Da la'asar na ajiye su gefe da gefe, waya da kwamfuta, ina karantawa, a nan na kama abin da da ya kunyata ni. CV ya ce shekara biyar, wani sakin layi a ƙasan About ya ce "sama da shekara shida", don lokacin da na rubuta na haɗa da shekarar bautar ƙasa. Ranar fara aikina ma ɗaya ya ce Maris 2020 ɗaya ya ce Janairu. Na kira Anti na faɗa mata tana dariya, ta ce abu na farko da take yi in mutum ya shiga jerin waɗanda za a kira shi ne ta buga sunansa ta duba shafinsa, salon magana ya bambanta ba ta damu ba, amma wata da shekara da muƙami in suka saɓa sai ta fara tunanin wanne ne na gaskiya. Na tashi na buɗe akwatin takardu na ciro takardar ɗauka ta, Maris ne. Na gyara, bautar ƙasa kuma na ba ta layinta daban a duka biyun.

Umma ta leƙo tana cewa tun safe abu ɗaya kike rubutawa kamar mai wasiƙar neman aure, na ce Umma kusan hakan ne, ta ce to Allah ya sa a amsa, ki zo ki ci tuwo kafin ya huce.

Na tura ƙarfe tara da kwata, PDF, da sunana a jikin fayil ɗin ba "CV final final 3" ba. Na ajiye wani fayil daban na zuba duk hujjojin nan a ciki, har waɗanda ban yi amfani da su yau ba, don akwai wani tallan na harkar ilimi da zai rufe ranar Juma'a kuma su Excel da Power BI suke ta nanatawa, can asibitoci 38 ne za su sauka ƙasa. Hoton shafin ma na bikin ƙawata ne da na yanke, har kafaɗar wata ana gani, gobe in an kawo wuta zan sa ƙanina ya ɗauke ni a jikin farin bangon falo.