Kalma biyu da na bari: "a shekara"

Har yanzu idan na hango Baffa ya nufo shagona sai na ji nauyi ya kama ni, ko da yake ya daɗe da cewa ya yafe.

Ina da shagon cire kuɗi a ƙauyenmu, kusa da Gumel. Bara wani kamfanin ajiya ta waya ya ɗauke ni wakili: duk wanda na buɗe wa asusu ina da ɗan kamasho. Suna da wani tsari na kulle kuɗi zuwa wani lokaci, a fuskar wayar an rubuta `15% p.a.` Ni kuwa da na zo tallata shi a WhatsApp, ga abin da na rubuta, na kuma karanta shi da murya saboda waɗanda ba sa karatu: "Ajiye kuɗinka ka samu ribar kashi 15 cikin ɗari. Kyauta ne, babu asara."

Na san ma'anar haruffan nan biyu na ƙarshe. A shekara suke nufi. Na bar su ne don tallan ya yi gajere ya yi daɗin ji.

Baffa ya sayar da riɗinsa da kaka, ya kawo naira 100,000, muka kulle na wata shida, daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin sayen taki. A lissafinsa zai karɓi 115,000, kuma lissafinsa daidai ne bisa abin da na faɗa. Da ranar ta zo, kashi 15 na shekara guda 15,000 ne, rabin shekara ya zama 7,500. Aka cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga wannan ƙarin, wato 750, saura 6,750. Sannan ni kaina na cire ladan ba da tsabar kuɗi, naira 1,000, kamar yadda nake yi wa kowa. Abin da ya hau kan kuɗinsa 5,750 ne kacal.

Ya ƙirga sau biyu, ya ce, "Ɗan nan, ba kai ka ce kyauta ba?"

Na ce, "Baffa, buɗe asusun ne kyauta."

Ya ce, "To me ya hana ka faɗi haka?"

Ban da amsa. Na ciro 9,250 daga aljihuna na cika masa, abin da ya ninka kamashon da na samu a kansa sau da yawa. Amma ba kuɗin ne suka fi cina ba. Da maganar ta kai majalisar ƙofar masallaci, liman ya tambaye ni wata tambaya da ban shirya mata ba: wannan ƙarin, ribar kasuwanci ce ko kuɗin ruwa? Kuɗin ruwa ne, ƙayyadadde tun ranar ajiya. Ni kuma na kira shi riba, kalmar da mai sayar da gero ke kiran halalinsa da ita. Akwai mutanen da ba za su taɓa sa kwabonsu ba da na kira abin da sunansa, kuma haƙƙinsu ne su zaɓa. Baffa da kansa ya dawo mini da cikon, ya ce ƙarin ma zai fitar da shi daga dukiyarsa.

"Babu asara" ma ba gaskiya ba ce. A ƙa'idar tsarin, wanda ya fasa kullen kafin wa'adi ya rasa ƙarin gaba ɗaya, kuma sai ya jira kwanaki kafin kuɗin su fito. Wanda matarsa ke naƙuda da tsakar dare, wannan jiran asara ne. Inshorar NDIC kuwa, wato hukumar gwamnati da ke kare kuɗin masu ajiya a bankuna, tun 2024 tana rufe har naira miliyan 2 ga mai ajiya a ƙaramin banki mai lasisi, amma idan bankin ya durƙushe ne. Ba ta biyan wanda ɗan damfara ya yaudara ya karɓi lambar sirrinsa.

Yanzu ba na rubuta kashi kaza cikin ɗari tsurarsa. Da naira nake magana, kuma abin da za a cire yana layi ɗaya da abin da za a samu: "Ka kulle 100,000 wata shida, ƙarin kuɗin ruwa 6,750 bayan haraji. Cirewa a shagona 1,000. Ka fasa kafin lokaci, babu ƙari, kuma akwai jira." Kafin na saki saƙon murya nakan kunna wa mahaifiyata, na tambaye ta nawa mutum zai karɓa a hannu. In ta faɗi adadin da ba shi ba, na goge na sake.

Masu buɗe asusun kulle sun ragu sosai, kamasho ya ja baya. Baffa bana tinkiya biyu ya saya a kasuwar Maigatari da kuɗin riɗinsa. Yana zuwa tura wa ɗansa kuɗin makaranta, kuma kafin ya miƙo kati sai ya tambaya, "Nawa za a cire, duka-duka?"