Takardar da ta sauya mana lokacin aiki

A ofishin kula da ma'aikata nake aiki, a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, kuma ni nake tsara takardun sanarwa na cikin gida. Wadda ta fi koya mini aiki ita ce ta tsakiyar shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta. Kamfani ba shi da halin ƙara albashi nan take, sai shugabanni suka yanke shawarar rage ranakun zuwa aiki.

Da muna shiga ƙarfe 8 na safe mu tashi 4 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, awa 40 ke nan a mako. Sabon tsari ya zama 8 na safe zuwa 6 na yamma, Litinin zuwa Alhamis, awa 40 ɗin dai, Juma'a kowa na gida sai masu jiran ofis bi da bi.

Abin da na fara fahimta shi ne, ma'aikaci da tambayoyinsa yake zuwa gaban allon sanarwa: yaushe zan zo, yaushe zan tashi, daga wace rana, za a taɓa mini albashi? In ka buɗe da dogon bayani kan halin da ƙasa take ciki, kafin ya kai tsakiya ya yanke cewa rage mutane za a yi, ya kuma faɗa wa na kusa da shi. Don haka layin farko ya ɗauki sabon lokaci da ranar farawa. Na biyu ya ce albashi yana nan yadda yake, na kuma rubuta lissafin a fili: kwana biyar sau awa 8, kwana huɗu sau awa 10. Mutum ya fi yarda da abin da ya lissafa da kansa.

Sannan dalili ya biyo baya, kuma nan ne aka fi jayayya a ofis. Wani babba ya so a ce an yi sauyin ne don inganta aiki. Na roƙe shi a faɗi ainihin magana, domin kowa ya san ta: kuɗin mota ya ninka, kamfani ba zai iya ƙarin albashi yanzu ba, rage yini guda zai sauke wa kowa kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake kashewa a hanya. Jumla ta tsakiyar ita ce mai nauyi a baki, amma in an cire ta, ma'aikata za su saka tasu, kuma tasu ta fi muni. Ya yi shiru, ya ce, “To, rubuta haka.”

Kafin a sa hannu na zagaya da daftarin sito da wurin direbobi. A nan na ga abin da ba a gani daga kan tebur. Wani mai lodi ya ce, “Yallaɓai, mu da ake biya kullum fa? Juma'ar da kuka ba mu hutu, mu asarar yini ce.” Direbobi kuma suka tuna mini cewa daga ƙarfe 4 zuwa 6 da kuɗin ƙarin lokaci ake ba su, yanzu ya koma cikin aikin yau da kullum. Wata baiwar Allah a sashen kuɗi ta ce yaranta suna tashi daga Islamiyya kafin ta fito, kuma in hunturu ya zo, a hanya magariba za ta same ta. Ba a warware duka ba, amma kowanne ya samu layinsa a takardar: masu lodi da masu gadi sauyin bai shafe su ba, ƙarin lokacin direbobi zai fara daga ƙarfe 6, mai uzuri na iya neman shiga 7 ya tashi 5. Na kuma rubuta lokacin sallah da cin abinci, tunda dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya yi awa shida ko fiye hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimlace.

Mun ba da tazarar mako biyu kafin farawa, muka ce gwaji ne na wata uku, da ranar da za a sake zama a kai da ofishin da za a kai ƙorafi. An manna takardar a allo, an tura ta zauren WhatsApp, an kuma karanta ta da Hausa a sito, domin ba kowa ne ke karanta Turanci ba.

Juma'ar farko na zo na tsaya a bakin ƙofa in ga ko wani zai zo bisa kuskure, don a nan ake gane ko sanarwa ta isa. Cikin ma'aikatan da aka ba hutun babu wanda ya zo. Waɗanda suka zo abokan ciniki ne da motocinsu, sai masu jiran ofis suka sallame su, kuma a ranar muka rubuta musu tasu takardar.