Duba ƙwai a teburin shayina, da maganar gwaiduwa mai ruwa-ruwa

Teburin shayina yana Unguwar Rogo a Jos, ba nisa da jami'a, kuma abin da ya fi tafiya a wurina da daddare shi ne indomi da ƙwai. Ƙwai ba ya yi mana wuya a garin nan, tunda gonakin kaji sun yi yawa ta wajen Bukuru da Vom. Sai dai kusancin gona ba shi ne sabunta ba. Kiret yakan bi ta hannun dillali, ya kwana a shago, a cike gurbin wanda ya fashe da wani na makon jiya, kafin ya iso gare ni a bayan babur. Shi ya sa duk kiret ɗin da ya zo sai na bi ƙwai 30 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kafin in ɗora kasko a wuta.

Da tsaga nake farawa, domin ita ce ta fi haɗari. Wanda ya fashe a fili kowa zai gane shi, kwalin kiret ɗin ma yakan jiƙe a ƙarƙashinsa, ƙwan ya manne idan ka zo ɗagawa. Mai wuyar ganewa shi ne siririyar tsagar da ido ba ya kamawa. Nakan riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, in ɗan gwara su a hankali kusa da kunnena. Lafiyayyen ɓawo ƙararsa tsaf take fita, mai tsaga kuwa sai ka ji ta a dushe. Wanda na yi shakkarsa nakan shiga da shi ƙarƙashin rumfa inda babu haske, in kunna tocilan waya, in dunƙule hannuna a kanta, in ɗora ƙwan a bakin dunƙulen ina jujjuya shi. Hasken yana ratsa ɓawon, tsagar ta fito kamar zaren haske. A kiret ɗin da aka kawo mini a farkon makon nan uku na ware: ɗaya ya fashe a fili, biyu kuma sai da tocila ta tona su.

Abin da nake yi da mai tsaga ya danganta da ko na san lokacin da ya tsage. Idan a hannuna ne, ko yanzun nan wajen sauke kaya, nakan fasa shi a kofi mai tsabta in soya shi nan take har ya dahu sosai. Wanda ya zo da tsagarsa, ban san ko jiya ce ko kwana biyar ba, dillali nake mayar wa. Ana ware irin waɗannan a sayar da araha, kuma na san mai iyali da yawa zai ga rangwame ne, amma ɓawo shi ne katangar ƙwai, ga kuma kashin kaji a jikinsa. Da ya tsage, ƙwayoyin cutar da ke waje sun sami ƙofa.

Sai maganar sabunta. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan huji, ta nan ruwa da iska suke fita a hankali tun daga ranar da kaza ta saka shi. A gefen da ya fi faɗi akwai ɗan gurbin iska, wanda a sabon ƙwai zurfinsa bai wuce milimita 3 ba, kuma kullum ƙara girma yake yi. Gwajin ruwan da iyayenmu mata suka sani a kan wannan ya dogara. Ka cika kwano mai zurfi da ruwa ka saka ƙwan: sabo zai nutse ya kwanta a gefensa, wanda ya kwana biyu zai ɗaga gindinsa kaɗan, wanda ya daɗe zai tsaya a kan tsininsa, wanda ya taso saman ruwa kuwa ni ba na ma fasa shi kusa da mutane, don sau da yawa ɓara-gurbi ne. Wanda ya tsaya a tsaye ba lallai ya lalace ba, tsufa kawai ya yi. Irinsa nake warewa don dafawa, har ma ya fi sabo daɗin ɓarewa.

Amma ba na tsoma kiret gaba ɗaya a ruwa, biyu ko uku nake zaɓa daga kusurwa daban-daban, kuma su nake fara soyawa. Dalili shi ne akwai wani siririn rufi da kaza take shafe ɓawon da shi lokacin saka ƙwai, wanda yake toshe hujin nan, kuma ruwa yana wanke shi. Idan ma ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke ciki yakan ɗan tsuke ya zuƙo dattin waje. Ƙanena da ke taya ni aiki ya taɓa ce mini, "Yaya, bari in wanke su duka su yi kyaun gani." Na ce masa ya goge da busasshen tsumma kawai, wanki sai lokacin da za a fasa. Sauran kuma a jera su tsini a ƙasa, a inuwa, nesa da murhu. Sanyin Jos yana taimakonmu, amma a Maris da Afirilu ba na sayen abin da ya wuce na 'yan kwanaki. Firij yana da kyau idan wuta ta tsaya. Idan ana kawowa ana ɗaukewa, ƙwan yakan yi gumi, jiƙewar nan kuma ita ke taimakon ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawo.

Gwaji na ƙarshe a kofi yake. Ba na fasa ƙwai kai tsaye a kan waɗanda na riga na kaɗa da albasa da attaruhu, kowanne da nasa shiga kofi tukuna. Sabon ƙwai gwaiduwarsa takan tsaya ƙumbul, farin ya taru kewaye da ita da kauri, har da ɗan hazo-hazo. Farin igiyar nan da ke maƙale a gefen gwaiduwa ba datti ba ce, ita ke riƙe ta a tsakiya, kuma fitowarta sosai alamar sabunta ce. Ɗigon jini ma ba lalacewa ba ne, ƙaramar jijiya ce ta fashe a cikin kazar, nakan cire da bakin cokali. Tsoho kuwa farinsa ya tsinke ya malale, gwaiduwar ta baje ko ta fashe da kanta. Idan na ji wari, ko na ga farin ya yi kore-kore ko ja-ja, zubarwa ne, in wanke kofin da sabulu.

To duk wannan dubawar da nake alfahari da ita, akwai abin da ba ta iya gani, kuma shi ne amsar tambayar da ɗalibai suka fi yi mini. Wani da yake zuwa kusan kullum yakan ce, "Mai shayi, kada ka kaɗa, kada ka juya, ka bar mini gwaiduwar tana gudu." Ranar da na ce masa akwai magana a kai, sai ya ce, "Haba Malam, ai a gabana ka gwada, sabo ne fil." Gaskiyarsa, sabo ne. Amma akwai ƙwayar cuta mai suna Salmonela, wadda wani nau'inta yake zama a mahaifar kaza ba tare da kazar ta nuna ciwo ba, ya shiga ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe shi. Irin wannan ƙwan zai nutse a ruwa, ba tsaga, ba wari, gwaiduwarsa tsaye. Ba tocila ko hanci da zai nuna maka shi. Ba kowane ƙwai ke ɗauke da ita ba, akasari ma lafiya lau suke, shi ya sa mutum zai shekara yana ci bai ga komai ba. Ranar da aka dace da mai ita kuwa, tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 sai gudawa da zazzaɓi da murɗawar ciki, wani har da amai, ya yi kwana 4 zuwa 7 yana fama. Da yawa ba sa danganta abin da ƙwai, sai su ce taifot ne ko ruwan da suka sha.

Wuta ce kawai ke kashe ta. Farin ƙwai yana daskarewa a wajen digiri 62 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyas, gwaiduwa kuma sai ta kai wajen 70, kuma a daidai wannan zafin ne ƙwayar take mutuwa da sauri. Ke nan gwaiduwar da ke gudu tana gaya maka da kanta cewa zafin bai kai can ba. Sabunta tana rage haɗarin, domin a sabon ƙwai ƙwayoyin kaɗan ne, sai fatar gwaiduwa ta yi rauni saboda kwanaki da zafi sannan suke samun abinci su yi ta ninkuwa. Ragewa ce dai, ba kawarwa ba. Ɗalibin ya nuna mini bidiyon Turawa suna dangwala burodi a gwaiduwa. A Birtaniya sai a 2017 hukumar kula da abinci ta ce yara da masu ciki da tsofaffi za su iya cin irin wannan, kuma ta taƙaita maganar ga ƙwan da ke ɗauke da tambarin zaki, wanda ake yi wa kajinsa rigakafin Salmonela, ga kwanan wata a jikin kowane ɓawo. Kiret ɗina ba tambari, ba kwanan wata, sai maganar dillali.

Ga inda na tsaya. Baligi mai lafiya da ya ji bayanin ya ce ya yarda, nakan zaɓar masa mafi sabunta, mai tsabtar ɓawo, in tabbatar farin ya daskare gaba ɗaya, ya ci da zafinsa. Amma ba na yi wa yaron da bai kai shekara 5 ba, ko mai ciki, ko tsoho, ko mai sikila, ko wanda wata cuta ta raunana garkuwar jikinsa, domin su abin yakan wuce hanji ya shiga jini, masu sikila har ƙashi yake kamawa. Wata baiwar Allah da ke aiko yaro da kula ta taɓa zuwa da kanta ta ce in yi wa ɗanta mai shekara uku ruwa-ruwa, wai an ce ya fi ƙara jini. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zan yi masa mai laushi amma dafaffe, amfaninsa yana nan bai tafi ko'ina ba." Haka nake faɗa wa masu kaɗa ɗanyen ƙwai a madara ko a lemon kwalba.

Mai laushin ba wuya. Ka rage wuta, ka fasa ƙwan a ɗan mai, idan gefensa ya fara fari ka zuba ruwa cokali ɗaya a gefen kaskon ka rufe da murfi. Tururin zai dafa saman cikin minti uku zuwa huɗu, gwaiduwar ta kama jikinta ba tare da ta bushe ba. Ka taɓa ta da bayan cokali, in ba ta rawa ta yi. Na dafawa kuma, a Jos muna kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, ruwanmu yana tafasa a wajen digiri 96 ne maimakon 100, don haka minti 10 ɗin da ake faɗa ni nakan kai shi 12, ina ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya tafasa.