Batir ne ke fara mutuwa

Duk mai son buɗe rumfar cajin waya da sola, batir ne jarinsa, ba farantin sola ba. Na ƙwaru a wannan a rumfarmu ta bakin kasuwa. Batir mai amp 100, irin na ruwa, rabin wutarsa kaɗai ya kamata ka sha. Da daddare in mita ta nuna ya sauka ƙasa da volt 12, cire wayoyin mutane, ko da ransu zai ɓaci. In kana tatse shi ƙaf kullum, shekara ma da ƙyar zai kai. Alamar ya gaji ita ce ya cika da wuri tun hantsi, magariba na yi ya mace. Ga hunturu kuma, ƙura ta lulluɓe faranti wuta ta ragu, sai an goge shi kowace safiya.