Buhu 1,350 da na rubuta, da azumin da lissafina bai gani ba

A ƙarshen Disambar 2024 Kawu ya ce in zauna in fitar masa da yawan sukarin da za mu buƙata daga Janairu zuwa Maris, domin yana so ya yi magana da dillalinmu tun kafin kaya su yi wuya. Shagonmu na sari yana Agege, kuma ni ke riƙe da littafin ciniki tun da na gama karatun akanta. Masu sayenmu sanannu ne: masu shayi, masu gidajen burodi, mata masu koko da kunu, da 'yan tireda da ke ɗaukar buhu biyu ko uku.

Na buɗe Excel na zuba watanni a layin tsaye na A, yawan buhunan da aka sayar a layin B, Janairu a akwatin B2 har Disamba a B13. Buhu na ƙirga, ban ƙirga naira ba, don farashi ya yi ta hawa a shekarar, kuma kuɗin da ya shigo yana iya ƙaruwa alhali kayan da suka fita sun ragu. Ga yadda cinikin ya kasance, buhu mai kilo 50: Janairu 400, Fabrairu 520, Maris 700, Afrilu 460, Mayu 410, Yuni 430, Yuli 390, Agusta 300, Satumba 400, Oktoba 420, Nuwamba 440, Disamba 490.

Hanyar da aka koya mana ita ce matsakaici mai tafiya. Ka haɗa cinikin wata uku na baya, ka raba uku, abin da ya fito shi ne kintacenka na wata mai zuwa. Idan wata ya ƙare sai ka yar da mafi tsufa ka ɗauki sabo, shi ya sa ake cewa yana tafiya. A akwatin C5, daidai da Afrilu, na rubuta wannan, na ja shi ƙasa har C14:

```
=AVERAGE(B2:B4)
```

C14 ya haɗa 420 da 440 da 490, ya ba ni 450. Na ninka uku, buhu 1,350 ke nan. Na gwada wata hanyar, wato in ɗauki 450 ɗin kamar cinikin Janairu ne na gaske in ci gaba da ja zuwa Fabrairu da Maris, sai ta ba ni 460 da 467, jimla 1,377. Da na ga hanyoyi biyu sun kusa haɗuwa sai hankalina ya kwanta. Daga baya na gane ba shaidu biyu ba ne, shaida ɗaya ce aka tambaya sau biyu, don dukansu daga watanni ukun nan na ƙarshe suka fito.

Kawu ya dubi takardar ya ɗan jima, sannan ya ce, "Ɗana, azumin bana yaushe ne?" Na ce ana sa ran farkon Maris. Ya ce, "To ina yake a cikin lissafin nan naka?" Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa gobe."

Azumi ba ya ciki, kuma ba yadda za a yi ya shiga. Matsakaicin wata uku bai san komai ba sai Oktoba da Nuwamba da Disamba. Abin da ya fi damuna shi ne amsar tana gabana tun farko: Janairu zuwa Maris na 2024 mun sayar da buhu 1,620, ni kuma ina cewa a tanadi 1,350 don watannin da za su ɗauki azumi gaba ɗaya.

A daren nan na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato in auna hanyar da watannin da na riga na san sakamakonsu. A D5 na cire kintace daga ciniki na gaske, a E5 na cire alamar ragi ko ƙari don in ga girman kuskuren kawai, na ja su zuwa Disamba, sannan na ɗauki matsakaicinsu:

```
D5: =B5-C5
E5: =ABS(D5)
=AVERAGE(E5:E13)
```

Ya nuna cewa a watanni taran da za a iya gwadawa, kintacen yana kaucewa da kusan buhu 77 a wata. Amma layin D ya fi koya mini abu. Daga Afrilu zuwa Yuli duk lambobin ragi ne. A Mayu kintace ya ce 560, aka sayar da 410, domin 700 ɗin Maris yana nan zaune a cikin lissafin bayan an sha ruwa an yi salla an watse. Daga Oktoba zuwa Disamba kuma duk ƙari ne, ciniki yana hawa, kintace yana biye a baya bai taɓa kamo shi ba. Wannan ita ce ɗabi'ar hanyar, ba kuskuren hannu ba ne. Tana ganin tashin ciniki bayan ya wuce, kuma tana riƙe shi wata uku. Idan ka ga alama iri ɗaya ta jeru wata uku ko huɗu a layin kuskure, to ka san akwai abin da ke motsa cinikin da matsakaicin bai kama ba. Kuskuren da ba shi da dalili yakan faɗi nan yau, gobe can.

Sai Agusta. Buhu 300 ya yi ƙasa da maƙwabtansa sosai, sai na koma littafin kullum. Kwana takwas a jere babu ciniki ko ɗaya, saboda motar kaya ta makara shagon ya zauna babu sukari. Mutane sun zo, an ba su haƙuri, sun tafi wani wuri. Littafi yana rubuta abin da aka sayar ne, ba ya rubuta wanda ya zo ya koma hannu rabbana. Ni kuwa buƙata ake tambayata. Na raba 300 da kwana 23 da kaya ke ƙasa, na ninka da 31, ya ba ni 404. Da na sa 404 a gurbin 300, matsakaicin kuskure ya sauko daga 77 zuwa 56, don kuskuren Agustan kansa ya ragu sosai, kuma raminsa ya daina jan kintacen Satumba da Oktoba da Nuwamba ƙasa. Na bar 300 ɗin a wani layi da bayanin dalili, saboda wanda zai buɗe takardar bayana ya san ba son rai ya sa aka canza ba.

Wani ɗan abu da na lura da shi a nan, wanda ya isa ya ɓata aiki: AVERAGE yana tsallake akwatin da aka bari fanko ko wanda aka rubuta kalma a ciki, amma yana ƙirga sifili. Idan wani ya rubuta "420 buhu" a akwati, Excel ba zai yi ƙorafi ba, zai raba sauran biyun da biyu ya ba ka lamba mai kama da gaskiya. Alamar ita ce rubutun yakan manne a hagun akwatin, lamba kuwa a dama take zama.

Na dawo kan azumi, na raba tambayar gida biyu: nawa ake saye a watan da babu wani abu, kuma nawa azumi ke ƙarawa a kai. A tambaya ta farko matsakaici mai tafiya yana da amfani sosai, muddin ka zaɓa masa watannin da suka dace. Disamba a Legas wata ne na bukukuwa da Kirsimeti, gidajen burodi suna ƙara aiki, don haka 490 ba cinikin yau da kullum ba ne. Na ɗauki Satumba da Oktoba da Nuwamba, suka ba ni 420. Wata uku, buhu 1,260.

A tambaya ta biyu na dubi bara. Kafin hayaniyar azumi da bayanta ciniki yana wajen 400. Ke nan Fabrairu ta haura da 120, Maris da 300, Afrilu da 60, jimla buhu 480 da zan iya ɗora wa azumi da salla. A 2024 an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka yi salla ranar 10 ga Afrilu, shi ya sa wutsiyar ƙarin ta faɗa Afrilu. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, don haka a 2025 azumin zai matso farkon Maris ya ƙare a ƙarshensa, kuma duk 480 ɗin za su faɗo cikin watanni ukun da Kawu ke tambaya. Na haɗa 1,260 da 480, buhu 1,740. Tsakaninsa da lissafina na farko akwai buhu 390, kusan cinikin wata guda.

Wannan matsowar ita ce ta hana ni kwafe watannin bara kai tsaye. Da na ce Maris ɗin bana zai yi kamar Maris ɗin bara, da na shirya babban kaya a lokacin da sayen ya riga ya wuce. Littafin kullum ya nuna cewa 'yan tireda da masu sayen kayan rabo suna fara ɗauka wajen mako uku kafin a ga wata, kuma makon ƙarshe na Sha'aban da makon farko na Ramadan su ne mafi nauyi. Sai na sake jera cinikin bara mako-mako, ina ƙirgawa daga ranar ɗaukar azumi, na ɗora shi a kan kalandar bana. Nauyin ya koma Fabrairu.

Da safe na kai wa Kawu, na kuma faɗa masa iyakar abin da takardar za ta iya. Azumi ɗaya ne kawai a cikin wata goma sha biyu, don haka 480 ɗin nan gani ɗaya ne, ba a maimaita shi ba balle a ce ya tabbata. Ko a watannin da babu komai, lissafin yana kaucewa da buhu ashirin ko talatin. Na ce, "Kawu, in za a yarda, kada a ɗauko duka a lokaci ɗaya." Sukari a zafi da laimar Legas yakan dunƙule idan ya daɗe a sito, kuma kuɗin da ya kwanta a buhu ba ya sayo shinkafa. Ya amince a raba ɗaukan uku, mafi girma ya iso kafin tsakiyar Fabrairu, na ƙarshe kuma a yanke yawansa bayan mun ga makon farko na azumi.

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, aka tashi da azumi ranar Asabar 1 ga Maris, 2025, aka yi salla ranar 30 ga wata. Mun sayar da 430 a Janairu, 690 a Fabrairu, 570 a Maris, jimla 1,690. Na haura da buhu 50, kuma da yake ɗaukan ƙarshe bai riga ya tashi ba, sai muka rage shi. Da 1,350 muka tanada, da sito ya ƙare a makon biyu na azumi.

Yanzu takardar tana da ƙarin layi biyu da ba ta da su a da. Ɗaya na kwanakin da kaya suka yanke a kowane wata, ɗaya kuma na ranar da aka ɗauki azumi da ranar salla. Yaran shago kuma sun saba, duk wanda ya zo neman sukari bai samu ba, ana rubuta buhu nawa ya nema a bayan littafi.