Yadda na bi casis da takardun wata Golf kafin mu biya

Ƙanina ne ya samu wata Golf 3 mai dogon baya a wani ƙauye kusa da Gumel, yana so ya sa ta haya a hanyar Maigatari. Ya ce mini, "Yaya, inji lafiya lau, ka zo ka duba mana takardu kawai." Na ce masa kada ya ba da ko kafin alƙalami sai mun ga abu biyu: lambar casis, wato wadda ke jikin ƙarfen motar, ita ce a takarda, kuma wanda zai karɓi kuɗin shi ne mai ikon sayarwa.

Da safe muka je, domin ba a duba casis da magariba. Na riƙe tocila, tsumma, ɗan fetur, fensir, farar takarda da ƙaramin maganaɗisu. Ban karɓi takardun da farko ba. In ka fara karanta lamba a takarda, idonka zai ga abin da ka riga ka haddace ko da ba shi ne a jikin motar ba.

A Golf 3 ana buga lambar ne a ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota, can baya idan an ɗaga bonet, ƙarƙashin gilashin gaba. Na goge ƙura da baƙin mai, na kwafe ta harafi bayan harafi, na kuma ɗora takarda na goga fensir har zanen ya fito. Cikakkiyar lamba tana da gurbi 17, kuma babu haruffan I, O da Q a cikinta, saboda kada a rikita su da 1 da 0. Tamu ta fara da WVWZZZ1HZ. WVW na nuna Volkswagen ce ta Jamus, 1H kuma alamar Golf 3 ce. Harafi na goma shi ne shekara: S na 1995, T na 1996, V na 1997. Mun ga T, takarda ta ce 1996, nan an dace. Lambobi shida na ƙarshe su ne na motar ita kaɗai, su nake karantawa sau biyu, sannan in sa wani ya karanta da baki ina bi da yatsa.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne ƙarfen da ke kewaye da lambar. Masu sauya casis hanya biyu suka fi bi. Ko dai su goge wasu lambobi da injin gurza ƙarfe su sake buga nasu da hannu, ko su yanko wurin gaba ɗaya daga motar da ta yi hatsari, wadda takardunta na gaskiya ne, su yi waldarsa a jikin ta sata. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya. Bugun hannu sai ka ga wata lamba ta karkace, wata ta fi nitsewa, wurin kuma ya ɗan yi kwari in ka shafa. A waɗanda aka fi yi wa aiki akwai 3 da ake mayarwa 8, da 1 da ake mayarwa 7 ko 4. Ita kuwa walda tana barin tabo, sai a shafe shi da fila a fesa fenti. Maganaɗisu ba ya kama wurin da fila ta yi kauri kamar yadda yake kama ƙarfe zalla, shi ya sa na zagaya da shi gefe huɗu. In ɗakin inji duk ya tsufa amma wurin lambar kaɗai ke ƙyallin sabon fenti, ni dai a nan cinikin yake mutuwa. Tamu tsohon fenti ne iri ɗaya da sauran jiki. A but, kusa da wurin safaya, mun tarar da ragowar takardar kamfani da ake mannawa, lambobin ƙarshe sun yi daidai.

Sai na karɓi takardu, na ce na asali nake so, ba kwafi ba: takardar kwastan, shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota, inshora da takardar rajistar 'yan sanda. Casis ya zo ɗaya a dukkansu. Lambar inji ce ta saɓa, domin an taɓa sauya inji. Wannan ba abin tsoro ba ne a tsofaffin motocin haya, amma na nemi rasidin injin, aka kawo. Lambar mota na saka ta a shafin hukumar kiyaye haɗurra, nvis.frsc.gov.ng, ya nuna Golf ce. Amma a sani, wannan binciken yana tabbatar da rajistar lambar ne kawai, bai ce mutumin da ke gabanka shi ne mai mota ba.

Takardar kwastan kuwa a yankinmu ba a wasa da ita. A ranar 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma mu ga mu a bakin Nijar. Motar da ba a biya mata haraji ba za ta iya shekaru tana yawo tsakanin ƙauyuka da lamba da lasin, ranar da ta haɗu da kwastan a babban titi a kwace ta. Hatimi a takarda ba hujja ba ne. Mun kai lambar takardar da casis ofishin kwastan, aka duba cewa kuɗin da aka biya na wannan motar ne.

Matsalar ta fito ne a suna. Sunan da ke shaidar mallaka daban, sunan da ke katin ɗan ƙasa na mai sayarwa daban. Dillali ya ce, "Haba Malam, kowa a tasha ya san motarsa ce, shekara biyu yana janta." Na ce masa jan mota ba mallaka ba ne. A ƙauye mota takan bi hannu uku ba a canza suna ba, don haka abin da nake nema shi ne yarjejeniyar sayarwa daga mai sunan zuwa na biye, har ta iso kan wanda ke tsaye. In gada ɗaya ta ɓace, sai a nemi mai sunan ido da ido. Lambar wayar da mai sayarwa ya ba ka ba ta isa ba, don ba ka san wa zai ɗauka ba.

Mai sunan wani dattijo ne a garin da ke gaba. Muka same shi ta hannun mai unguwarsu. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wannan motar ka sayar da ita?" Ya ce ya ba direban da ke son sayar mana ne a kan ya riƙa biya duk mako, in ya gama ta zama tasa, kuma akwai saura. Direban ba ɓarawo ba ne, a ganinsa zai sayar ya cike bashin. Amma da mun biya shi kai tsaye, dattijon na da damar ɗauke motarsa, ƙanina kuma ya shiga bin kuɗi a kotu. Irin wannan tarkon akwai shi a motar gado da ba a raba ba: sai an ga takardar rabon gado daga kotu, ko dukkan magada sun sa hannu.

A zauren mai unguwa aka kammala. Dattijon ne ya sa hannu a matsayin mai sayarwa, direban ya zama shaida tare da mutum biyu. A yarjejeniyar an rubuta casis cikakke, lambar inji ta yanzu, lambar mota, launi, farashi da kwanan wata, aka haɗa da hoto da kwafin katin kowa. Kuɗi ta banki aka tura, ragowar bashin zuwa asusun dattijon, sauran zuwa na direban, kowanne da sunansa. Kafin a tura mun kai casis wurin 'yan sanda an duba ko an taɓa kai rahoton sata, domin wanda aka kama da motar sata shi ake fara tsarewa, ko da da kuɗinsa ya saya. A makon muka yi takardar rantsuwa a kotu, muka kai ofishin lasin don a mayar da shaidar mallaka sunan ƙanina, kuma na tsaya a gaban ma'aikacin har ya karanta mini gurbi 17 ɗin daga kwamfuta kafin ya buga.