Abin da matan Whickham suka koya mini game da shekaru da sigari

A karatun lafiyar al'umma da na yi, darasin da ya fi zauna mini a kai ya fito ne daga wani bincike na garin Whickham, kusa da Newcastle a Ingila. Tsakanin 1972 da 1974 an yi wa mazauna garin tambayoyi, bayan shekara ashirin aka koma a ga wa ke raye. Cikin mata 1,314, masu shan sigari 582 ne, 139 suka rasu, wato kashi 24 cikin ɗari. Waɗanda ba sa sha 732 ne, 230 suka rasu, kashi 31. Lissafi ba kuskure a ciki, amma duk wanda ya tsaya nan zai ce sigari na ƙara tsawon rai.

Matsalar shekaru ce. Cikin masu shan sigari, 49 kaɗai suka kai 65 lokacin da aka fara binciken, kusan kashi 8. Cikin marasa sha kuwa 193 ne, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Wadda ta kai 65 da wuya ta ƙara shekara ashirin, ko ta sha ko ba ta sha ba. Ashe ba masu sha da marasa sha aka gwada ba, matasa aka gwada da tsofaffi. Irin wannan dalili na uku shi ke rikita binciken da ba a raba mutane da ƙuri'a ba. Alamominsa uku: yana da alaƙa da ɗabi'ar da ake bincike, shi kansa yana jawo sakamakon, kuma ba ɗabi'ar ce ta haifar da shi ba.

Magani na farko shi ne rarrabawa, a gwada kowace mace da sa'o'inta. A rukunin 45 zuwa 54, masu sha 27 cikin 130 suka rasu, kashi 21. Marasa sha 12 cikin 78, kashi 15. A rukunin 55 zuwa 64, kashi 44 ne da kashi 33. Labari ya juya ke nan. Ma'aunin da manhajoji ke nunawa da OR, wanda idan ya haura 1 yake nufin haɗari ya ƙaru, 0.68 ne kafin rarrabawa. Da aka haɗa rukunonin shekaru bakwai ta hanyar Mantel-Haenszel, wadda ke tattara sakamakon rukunonin zuwa OR ɗaya, sai ya koma kusan 1.5.

Ina son wannan hanya saboda komai a fili yake, kana ganin mutanen da ke cikin kowane gida na tebur. Kana ma ganin inda suka yi kaɗan: a rukunin 25 zuwa 34 mata takwas ne kawai suka rasu, kuma can OR bai kai 1 ba, abin da ba a gina hukunci a kansa. Rauninta ke nan. Idan ka ƙara matakin ilimi da nauyin jiki, rukunoni su yi ta ninkuwa har wasu su zama wayam.

Nan ne lojistik rigireshan ke shigowa, domin yana riƙe dalilai da yawa a lokaci guda. A manhajar R:

```
m <- glm(rasu ~ sigari + rukuni, family = binomial, data = mata)
exp(coef(m))
```

Lambar da ke gaban sigari ita ce OR tsakanin mata masu rukunin shekaru ɗaya, kuma ita ma wajen 1.5 take fitowa. Na saba gudanar da lissafin sau biyu, da shekaru da kuma babu, in dubi yadda lambar ta motsa. Masana da dama na ɗaukar motsin da ya wuce kashi 10 a matsayin alamar rikitarwa, kodayake al'ada ce kawai, ba doka ba. A nan ma sai an lura: duk mata 77 da suka kai 75 sun rasu, don haka manhaja za ta fitar da wata ƙatuwar lamba marar ma'ana a gaban rukuninsu, kuma ba abin da suke ƙara wa kwatancen.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne zuba duk abin da aka auna cikin lissafin. A ce an saka ciwon huhu, sai OR na sigari ya ragu, a ce ai an gyara. Ba gyara ba ne, domin ciwon huhu na daga cikin hanyoyin da sigari ke kisa, kuma saka shi yana goge wani ɓangare na illar da ake nema. Manhaja ba ta san bambancin shekaru da ciwon huhu ba, duka lambobi ne a wurinta. Shi ya sa kafin in taɓa kwamfuta nake zana kibiyoyi a takarda, me ke jawo me. Abin da ba a tambayi matan ba tun 1972 kuwa, babu lissafin da zai cire tasirinsa daga wannan 1.5.